Lauya da waya: abin da nake faɗa a bidiyo da abin da nake haɗiyewa

Lauya a Najeriya ba shi da ikon tallata kansa irin yadda mai shadda ko mai maganin basir yake yi. Mutanenmu na Agege da yawa ba su san haka ba, shi ya sa kullum sai an ce mini, "Barista, kai ba ka iya talla ba ne. Ka riƙa nuna shari'o'in da ka ci mana!" Ni kuwa ina sane. Aikinmu yana da kundin ƙa'idoji, wanda aka sabunta a 2023, kuma ƙa'ida ta 39 a cikinsa a kan talla take. Ta yarda lauya ya sanar da jama'a cewa yana nan, muddin abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma ta hana shi ya ce ya fi wani lauya, ko ya yabi ingancin aikinsa, ko ya lissafa nasarorinsa, ko ya aika 'yan kamasho su farauto masa masu ƙara. Wanda ya taka, ana iya kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, inda za a iya yi masa gargaɗi, ko a dakatar da shi, ko a soke sunansa daga rajista gaba ɗaya.

To me ya rage wa lauya ke nan? Koyarwa. Kundin ya bar mu mu yi wa jama'a bayanin doka, a rubuce ko a rediyo da talabijin, kuma nan ne na kafa tawa rumfar. Ina yin gajeren bidiyo da Hausa, minti biyu ko uku, in sa a Facebook, yara kuma su yi ta turawa a WhatsApp. Ba na cewa komai a kaina, illa sunana da cewa ni lauya ne a Legas.

Wanda ya fi yawo a cikinsu shi ne na haya, don kusan dukkanmu a nan a gidajen haya muke, ko ɗaki ko shago. Na yi bayanin dokar haya ta Jihar Legas ta 2011: idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi wani abu dabam, mai biya wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan wata uku ko wata shida a ba shi wata uku, mai biyan shekara a ba shi wata shida. Bayan wannan ya cika sai a ƙara masa takardar kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon cire rufi ko watso kaya waje da hannunsa.

A nan ne wuyar aikin take farawa. Bayan kwana biyu wani dattijo mai shagon hatsi ya turo mini saƙon murya: "Barista, na ji bayaninka, Allah ya yi albarka. Mai gidana kwana bakwai kawai ya ba ni, ni kuwa shekara nake biya. In ce masa ba inda za ni sai bayan wata shida, ko?" Amsar da za ta faranta masa rai kalma ɗaya ce, kuma da na ba shi ita, da kafin magariba duk layinsu an ji cewa Barista ya tsaya wa Baba. Sai na ce, "Baba, a yi haƙuri, ba zan iya amsa wannan ta waya ba. A zo da takardar da aka sa wa hannu da rasit ɗin biya."

Da ya kawo, sai ga shi yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce cak, an rubuta ranar shiga da ranar ƙarewa, kuma ranar ta wuce bai sabunta ba. A irin wannan, dokar nan dai ta ce ba a buƙatar notis ɗin wata shida, takardar kwana bakwai ta isa a tafi kotu. Wato mai gidan yana kan daidai. Da Baba ya je ya yi masa tsiya da maganata, da ya rasa shagon, ya rasa mutuncin da ke tsakaninsu, ƙila ma a ɗora masa kuɗin shari'a. Abin da muka yi shi ne muka nemi zama, aka ba shi lokaci ya sami wani wuri. Shi ya sa kowane bidiyo nawa yake ɗauke da jimla ɗaya da ba na gajiya da maimaitawa: wannan bayani na kowa ne, naka kuwa sai an ga takardarka. In ka ga lauya yana yanke wa mutum hukunci a waya alhali bai nemi ganin takarda ba, to mabiya yake nema.

Abu na biyu shi ne sirri, kuma a unguwa irin tamu ya fi ko'ina tsauri. Ƙa'ida ta 19 ta ce abin da wanda kake wa aiki ya faɗa maka amana ce. Wasu abokan aikina suna ganin in sun cire suna shi ke nan. A Ikeja wataƙila haka ne. A Zango kuwa, ka ce "wata bazawara mai abinci da ta yi rigimar gado da ƙannen mijinta", kafin ka rufe baki an kira sunanta, an faɗi na kakarta. Shi kansa dattijon da na ambata a sama, sai da na nemi izininsa, kuma na sauya masa sana'a. Idan kuwa magana tana gaban alƙali, ba na taɓa ta ko da izini, domin akwai ƙa'idar da ta hana lauyan da ke cikin shari'a yin maganar da za ta iya shafar hukunci a waje.

Wanda ya fi mini wuyar ƙi shi ne godiya. Wata Hajiya da muka karɓo mata kuɗinta ta zo da ɗanta, ya riga ya ɗaga waya, wai za ta yi mini addu'a a ɗauka in sa a shafina. Na ce, "Hajiya, addu'ar ina so, a yi mini ita a kan sallaya." Ta ɗan ji ba daɗi, ta ɗauka raini ne. Sai da na zaunar da ita na nuna mata cewa in na sa, na yi tallar nasara da bakinta, kuma wanda muka yi shari'a da shi maƙwabcinta ne, gobe za su haɗu a wajen suna ko jana'iza.

Wannan hanya tana da asara, ba zan ɓoye ba. Akwai yara masu rabin shekaruna a aiki da suka ninka ni mabiya, suna hoto da gashin alƙalai a ƙofar kotu suna cewa ba a taɓa kayar da su ba. Wasu mutanenmu suna tafiya can, ina gani. Abin da ni nake samu a hankali yake zuwa: mutum ya kalli bayanin haya bara, ya riƙe sunan, sai bana da zai sayi fili ya zo da takardun kafin ya biya, ba bayan an cuce shi ba.

Ga ɗan'uwa mai neman lauya ta waya, ka tambayi cikakken sunansa da shekarar da aka rantsar da shi da inda ofishinsa yake, kuma ka duba hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a kan takardar da ya rubuta maka. Wanda ya yi maka alkawarin nasara tun kafin ya karanta fayil, ka riƙe kuɗinka, domin hukunci a hannun alƙali yake.