Daren kasuwa na wace ce?

Na daɗe ina son in yi magana a kan wani abu da ya faru a gidan yayana. Sai da na nemi izininsa da na matansa biyu kafin na rubuta wannan, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Yayana ɗan kasuwar hatsi ne. Uwargidansa tana Kebbe, a gidanmu na gado, da 'ya'ya biyar. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya ƙara aure a Tambuwal, ya kama wa amarya gida can, tunda garin na kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega kuma nan yake sauke kaya. Bai yi auren a ɓoye ba. Ya sanar da uwargida tun da wuri, ya yi mata kayan faɗar kishiya, ya yi wa amarya kwana bakwai na budurci, sannan aka koma rabon kwana bibbiyu kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Kowa a dangi yana yaba masa, har da ni.

Abin da ya ɓata lissafin shi ne daren kasuwa. Mai sayen hatsi yana son asuba ta yi masa a bakin kasuwa, kafin masu kawo kaya daga ƙauyuka su sayar wa wani. Don haka duk daren da gobe kasuwa ke ci, a Tambuwal yake kwana, ko girkin wa ya faɗa. In girkin amarya ne, babu magana. In na uwargida ne, sai ya buga waya bayan magariba ya ce mota ta ƙi tashi, ko ya ce zai kwana a shago wajen yaransa saboda tsaron kaya. Alhali a ɗakin amarya yake kwana.

A zuciyarsa abin bai kai ya kawo ba, dare ɗaya ne jefi-jefi. To amma a zauna a ƙirga. Rabon kwana bibbiyu tsakanin mata biyu yana zagayowa duk kwana huɗu, kasuwa kuwa duk kwana bakwai. A cikin kwana 28 kasuwa za ta ci sau huɗu, kuma saboda yadda huɗu da bakwai ke saɓawa, biyu daga cikin dararen za su faɗa a girkin amarya, biyu a na uwargida. Kowace ya kamata ta sami kwana 14. Sai ga uwargida da 12, amarya da 16. A shekara guda uwargida ta rasa dare 26, kusan wata cur. Ya shekara yana haka yana ganin kansa mai adalci, domin buhun gero iri ɗaya yake saukewa a gidajen biyu, atamfar salla ma iri ɗaya.

Mu maza a nan muka fi yin kuskure. Idonmu yana kan abin da ake aunawa da mudu, alhali littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure, irin su Risala da Mukhtasar na Khalil, sun fi ƙarfafa wajibcin daidaitawa a kan kwana. Ciyarwa da tufatarwa a mazhabar Malikiyya gwargwadon halin kowace mace ne da ƙarfin mijin. Ba a ce sai an raba komai biyu daidai ba, muddin kowace ta sami haƙƙinta. Dare kuwa na mai shi ne, ko tana haila, ko tana jego, ko ba ta da lafiya, domin abin da ake nufi da shi zama tare da ɗebe kewa ne. A ranar wata ba ka da damar shiga ɗakin wata ka zauna sai da lalura, an dai yarda ka tsaya a bakin ƙofa ka yi sallama ka tambayi lafiya.

Akwai hukunci ɗaya da ya fi tsaya mini a rai tun ranar da malaminmu ya karanta mana shi. A Malikiyya, daren da miji ya zalunci mace a kansa ba a rama shi. Ya wuce ke nan. Wasu na jin haka sai su ɗauka sauƙi aka yi wa namiji, ni kuwa tsoro abin ya ba ni. Bashin kuɗi ana biya, bashin hatsi ana aunawa a mayar, amma wannan babu abin da za ka mayar. Ko gaban alƙali aka je, abin da zai yi shi ne ya tsawata wa mijin ya hana shi ci gaba, in cutarwar ta tabbata kuma ta ƙi ƙarewa a duba maganar rabuwa. Daren da ta dafa tuwo ta rufe, ta yi wanka ta zauna jira har barci ya ɗauke ta, sai dai ta yafe ko ta riƙe.

Ba zan ɓoye uzurin yayana ba. Malamai sun sassauta wa wanda matansa ke garuruwa biyu, sun ce yana iya tsawaita rabon gwargwadon nisa, sun kuma duba buƙatar sana'arsa. Kwanansa a Tambuwal daren kasuwa abu ne da za a iya tsara shi cikin halal tun ranar farko. Mace tana da ikon ba da darenta kyauta, kamar yadda Nana Saudatu ta bar wa Nana A'isha nata, kuma tana iya janye kyautar ranar da ta ga dama. Malikiyya ma sun halatta miji ko kishiya su ba ta wani abu ta bar musu kwanan. Duk waɗannan ƙofofin a buɗe suke, sharaɗinsu ɗaya, a tambaye ta. Shi kuwa tambayar ce ta yi masa nauyi, yana gudun ɓacin ranta na dare ɗaya, sai ya zaɓi maganar mota.

Uwargida ba a bakin kowa ta fara ji ba. Ita da kanta ta lura cewa motar ba ta taɓa lalacewa sai daren kasuwa. Daga baya wata mai kai daddawa kasuwar ta ce mata, ba da wata manufa ba, ta ga Alhaji da asuba yana fitowa daga gidan amarya. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina ajiye masa tuwo a irin waɗannan dararen, ta daina tambayarsa yaya hanya. Wannan shirun ya kamata ya farkar da shi, domin matar da ta daina tambaya ta riga ta san amsa. Shi kuma ya ɗauka kwanciyar hankali ya samu.

Ranar da abin ya fito fili ina zaune, a ɗakin Inna, bayan sallar isha'i. Uwargida ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta juya wajensa.

"Alhaji, ni ba kwanan ne ya fi ci mini rai ba. Da ka ce mini kasuwa ta hana, wallahi da na bar maka. Amma ka mayar da ni yarinya. Yanzu ko ka ce mini ruwa ake yi a waje, sai na leƙa."

Ya ce ai don kada ranta ya ɓaci ne, kuma ai an yi rangwame a kan abin da miji zai faɗa wa matarsa don a zauna lafiya. Maza da yawa na fakewa da wannan. Gaskiya ne akwai hadisi a kan haka a Sahihu Muslim, ta hanyar Ummu Kulsum 'yar Uƙba. Sai dai masu sharhi irin su Imamu Nawawi sun bayyana cewa rangwamen na kalaman nuna ƙauna ne da kwantar da zuciya, kuma yaudarar da za ta hana mace haƙƙinta ba ta shiga ciki. Ka ce mata tuwonta ya fi na kowa daɗi, wannan daban. Ka ce kana shago alhali kana cin darenta a wani ɗaki, wannan satar kwana ce, sunan da iyayenmu mata suka daɗe da ba ta.

Inna ce ta yi tambayar da ta tono sauran. Ta ce, ita amaryar ta san kwanan ba nata ba ne? Sai ya sunkuyar da kai. Ashe ce mata ya yi Yaya ta yafe mata daren kasuwa. Shekara guda yarinyar nan tana ganin uwargida ta yi mata alheri, har tana aika mata da tsaraba don godiya, ita kuwa uwargida tana karɓar tsarabar tana ganin izgili ake mata. Mata biyu da ba su taɓa sa-in-sa ba suka kusa zama abokan gaba, kowace tana hukunta 'yar'uwarta da labarin da mutum ɗaya ya ba ta. Yawancin abin da muke kira kishi a gidajenmu, in aka bi sawunsa, a bakin maigida ake tarar da mafarinsa, musamman inda mata ba sa gida ɗaya kuma shi kaɗai ne ke kai magana ya kawo.

Gyaran da aka yi bai da wuya, har na yi mamakin yadda ba a yi shi tun farko ba. An bar kwana bibbiyu aka koma lissafin mako. Makon farko amarya na da dare uku, uwargida huɗu. Mako na biyu amarya huɗu, uwargida uku. Daren kasuwa kullum yana cikin rabon amarya, kuma duk kwana 14 kowace ta sami bakwai. Zirga-zirgar hanya ma ta ragu masa. Don a sami yardar matan, Inna ta sa aka ɗauko amarya daga Tambuwal, aka faɗi tsarin a gabansu su biyu, kowace ta amsa da bakinta. Ta kuma kafa masa sharaɗi, duk ranar da wata lalura ta gaske ta tsare shi, mai girkin zai fara kira, ya faɗa mata inda zai kwana.

Amarya ta yi kuka ranar. Ta rasa dare biyu a wata da ta saba da su, ga kunyar abin da ba ta san ta ci ba. Ta matsa kusa da uwargida ta ce, "Yaya, ki yafe mini, wallahi ban sani ba." Uwargida ta riƙe hannunta ta ce ba ta da laifi.

Shi kuwa da ya nemi gafarar dare 26 ɗin, cewa ta yi ya ba ta lokaci. An fi shekara yanzu tsarin yana tafiya, ba a sake jin mota ta lalace ba. Da na je Kebbe neman izinin wannan rubutu na tambaye ta ko ta yafe. Ta ce ta yafe kwanan tun tuni, amma har yau in wayarsa ta shigo bayan magariba, sai gabanta ya faɗi kafin ta ɗauka.