Yadda Muka Mayar da Sakin Layi Taswira

Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2010 a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, ina aiki a wani asibitin sha-ka-tafi a ƙauye. Ƙa'idar ta zo mana a sakin layi guda, da Turanci. Ta fara da gwaji, ta bi da magani, sannan can ƙarshe ta ce ban da mai tsananin ciwo da mai sabon ciki. Masu taimaka mini kuwa sun saba da zamanin kulorokwin, lokacin da duk zafin jiki maleriya ne. Ba wanda zai tsaya karanta dogon bayani alhali uwa na riƙe da yaro a gabansa.

Sai na samo bayan tsohuwar kalanda na zana akwatuna, kowanne da tambaya ɗaya wadda amsarta i ce ko a'a, kibiya na fita daga kowace amsa.

Babban aikin shi ne juya tsarin. Abin da marubucin ƙa'ida ya bari a ƙarshe, shi na ɗora a sama. Akwatin farko: akwai alamar haɗari? Jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amayar da komai, ko fita hayyaci. In i ce, kibiya ta nufi gefe kai tsaye: allurar atesunet, sannan a tura babban asibiti. Da gwaji na sa a sama, sai a ɓata minti 15 ana jiran sakamako a kan yaron da ke taune-taune.

In a'a ce, sai gwaji. Ya nuna maleriya? Mace ce mai cikin da bai wuce wata uku ba? A lokacin kwinin ake ba ta, kafin a sauya shawarar a 2022. Sauran duka sai sikeli, domin da nauyi ake ba da atimita-lumefantirin: kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, daga 15 biyu, daga 25 uku, daga 35 huɗu, sau biyu a rana har kwana uku. Yaro mai kilo 16 zai sha biyu yanzu, biyu bayan awa takwas.

Kibiyar da ta fi ba ni wuya ita ce ta gwajin da bai nuna komai ba. Sakin layin cewa kawai ya yi kada a ba da maganin, ya yi shiru. A takarda wannan ya wadatar, amma a asibiti kibiyar da ba ta kai ko'ina ba, ma'aikaci zai cike ta da abin da ya saba, wato maganin maleriyar dai, don kada uwa ta koma hannu rabbana. Saboda haka na ƙara akwati: a ƙirga numfashi, a duba kunne da maƙogwaro, a tambayi gudawa da fitsari, a ce su dawo bayan kwana biyu in zazzaɓin bai sauka ba. Wannan akwatin na ɗauko shi ne daga littafin kula da cututtukan yara, shi ya sa na zana shi da jan biro.