Shekarun da Kwamfuta Ta Sani

Idan kana da matashi a gida da ya ƙosa ya karɓi lasin tuƙi, ko ke uwa da ɗanki ke damun ki da maganar, ku ba ni aron kunnuwanku. Na yi tafiyar banza daga Talata Mafara zuwa Gusau a kan wannan magana, kuma ba na so ku maimaita ta.

Yayata tana aure a Bakura. Da mijinta ya rasu, abin da ya bar musu mai kawo kuɗi shi ne gonar rani da wata tsohuwar akori-kura da yake ɗaukar shinkafa da albasa daga gonakin Bakolori zuwa kasuwar Mafara ranar Talata. Direban da aka ɗauka bayan rasuwarsa, kullum da labarin abin da ya lalace yake dawowa. Babban ɗanta kuwa tun yana ƙarami yake zama kusa da mahaifinsa a motar, ya san giya, ya san kuloci, ya san kukan injin idan yana son mai. Saboda haka a watan Fabrairun 2025 Yaya ta kira ni ta ce, "Kai ne kawunsa, ka kai shi ya samo lasin, mu huta da mutanen nan. Ya cika sha takwas tuni."

Ka'idar ba ta da wuyar ganewa. A Najeriya ba a ba mutum lasin tuƙi sai ya cika shekara 18. Na ɗauka tunda yaron ya iya mota kuma ya kai shekarun, za mu je ne a gwada shi, a ɗauki hoto, mu dawo kafin la'asar, domin ka san hanyoyinmu ba a son yamma ta yi wa mutum a kansu.

Jami'in da muka fara samu bai ko dubi tsawon yaron ba. Abu biyu ya tambaya: takardar kammala makarantar koyon tuƙi, da takardar lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Ta farko ba mu da ita. Ta biyu yaron ya ciro daga aljihu da ƙarfin gwiwa. Jami'in ya duba, ya juyo da ita wajena, ya ɗora yatsa a kan ranar haihuwa. An rubuta 1 ga Janairun 2008. Ya ce, "Alhaji, a nan shekararsa sha bakwai."

Na ce ai kuskure ne, ni na yanka ragon sunansa. Ya yi murmushi ya ce ya yarda da ni, amma kwamfuta ba ta halarci sunan ba.

Ga abin da na fahimta daga ranar. Hukumomi uku ne ke da hannu a lasin: jami'an duba motoci da muke kira bi'ayo su ne ke gwada tuƙi, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha tana karɓar kuɗi, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma tana ɗaukar hoto da zanen yatsu ta buga katin. Tun daga ƙarshen 2020 aka wajabta NIN ga mai neman lasin. Ma'anarsa, ranar haihuwar da ka cika a fom sai ta yi daidai da wadda ke rumbun hukumar katin ɗan ƙasa. Idan sun saɓa, aikin ya tsaya. Gemu ba hujja ba ne, iya ribas ba hujja ba ne, rantsuwar kawu ma ba hujja ba ce.

A hanyar dawowa na tambayi yaron yadda aka yi 2008 ta shiga takardarsa. Ya ce, "Kawu, ranar da muka je rajista da abokaina, mai cika fom ɗin ya tambaye ni shekaruna, na faɗi abin da ya zo bakina, shi kuma ya lissafa ya sa ɗaya ga watan ɗaya." Ba a nemi wata takarda a hannunsa ba, shi ma bai karanta abin da aka ba shi ba. Je ka duba takardun yaran gidanka yau. Idan ka ga 1 ga Janairu, to da wuya ranar gaskiya ce, yawanci alamar ƙiyasi ce.

Sai muka koma neman ranar gaskiya. A gida aka haife shi, ba a yi masa takardar haihuwa ba. Amma uwa ba ta mantuwa. Yaya ta ce cikin azumi ne, ana yankan gero, kwana uku bayan madatsar ruwan Gusau ta ɓalle. Wannan ambaliya ta faru ne ranar 30 ga Satumban 2006, kuma azumin shekarar ya kama daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Ta buɗe akwatinta ta ciro katin rigakafinsa, ya yi ja don tsufa, an rubuta Oktoban 2006. Takardar firamarensa ma 2006 ta ce. Ashe Yaya ce da gaskiya: ya cika sha takwas tun Oktoban 2024.

A nan akwai wani tarko da ya kamata ka sani. Mu a gida da azumi da salla muke ƙirga shekaru, alhali shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A shekara 18 bambancin ya haura wata shida. Yaron nan ya cika azumi sha takwas a duniya tun Maris na 2024, amma a lissafin hukuma sai da Oktoba ta zo. Haka kuma idan muka ce yaro "yana cikin sha takwas", sau da yawa sha bakwai ya cika, ya shiga ta gaba. Doka cikakkun shekaru take nufi, ranar haihuwa ta zagayo sau 18 a kalandar Miladiyya. Saura kwana ɗaya ma bai kai ba.

Hanya biyu ta rage mana. Ko mu jira Janairun 2026, lokacin da ranar ƙaryar za ta cika sha takwas da kanta, ko mu gyara. Akwai ta uku da wani ya raɗa mini a bakin ofis, wai in kawo wani abu a fito mana da kati cikin mako ɗaya ba gwaji ba makaranta. Ba zan ɓoye maka ba, na tsaya na yi tunani, domin kakar albasa tana wucewa, kuɗin gidan Yaya na tafiya. Abin da ya hana ni shi ne, katin da ba ya cikin rumbun hukuma takarda ce kawai. Ranar da aka tare shi aka duba lambar, ko Allah ya kiyaye aka yi hatsari da rai a ciki, yaron ne zai tsaya gaban alƙali, ba mai raɗar ba.

Jira ma bai kwanta mini ba. Duk ranar da ta hau lasin, ita za ta bi shi zuwa fasfo da banki da neman aiki, tana karo da takardun makarantarsa har tsufa. Gara a cire ƙayar tun tana kusa.

Gyaran matakai uku ne, kuma a jere suke. Da farko rantsuwar shekaru a kotu, wadda babba da ya san haihuwar yake yi. Yayan mahaifinsa da ke Maradun ne ya zo ya yi, muka haɗa da katin rigakafin da takardar firamare. Na biyu, aka kai wannan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ita ce ke ba wanda ya girma ba shi da takardar haihuwa takardar tabbatar da haihuwa. Na uku, da wannan takardar ake neman hukumar katin ɗan ƙasa ta canza ranar, a biya kuɗin gyara, sannan a jira amincewa. Kada ka tsallake na biyu, rantsuwar kotu ita kaɗai ba ta isa ta canza ranar NIN ba. Kuma ka duba rubutun suna a kowace takarda. Idan ɗaya ta ce Muhammad, ɗaya ta ce Mohammed, wata sabuwar tafiya ce ke jiran ka.

Bayan sabuwar takardar ta fito ne muka sa shi makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita. Ya yi ta ƙunƙuni, wai me za a koya masa. Amma takardar kammalawar tana ɗauke da lambar da ake buƙata wajen cika fom ɗin sabon lasin, babu ita babu gwaji. Ya kuma dawo yana ba ni labarin alamomin hanya da bai taɓa sanin ma'anarsu ba, duk da shekarun da ya yi yana wuce su.

Ranar gwaji, a cikin leda ɗaya na haɗa masa komai: sabuwar takardar NIN, takardar tabbatar da haihuwa, takardar makarantar tuƙi, takardar izinin koyo, fom ɗin da aka buga da shaidar biyan kuɗi, kowace da kwafinta. Daren ranar na shimfiɗa su a tabarma na bi ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya. Duk 3 ga Oktoban 2006. Da aka karɓi takardun, minti biyu ba a yi a kansu ba. Sai gwajin ido, tambayoyin alamomi, sannan tuƙi da ribas. Da ya wuce, aka ɗauki hotonsa da zanen yatsu, aka ba shi lasin wucin gadi na kwana 60 kafin katin dindindin ya iso.

Wani abu kuma da na koya a makare: shekara 18 ta lasin motar gida ce. Lasin haya, na mai ɗaukar fasinja ko kayan jama'a don kuɗi, sai shekara 26. Na zaunar da shi da Yaya na gaya musu. Amfanin gonarsu zai riƙa kai wa kasuwa, ba zai tsaya a tasha yana lodin kayan mutane ba. Bai ji daɗi ba, amma ya amince.

Idan ɗanka ko 'yarka na da shekara sha shida ko sha bakwai yanzu, lokacin duba takardu ke nan, ba ranar gwaji ba. Ɗauko NIN ɗinsa, ɗauko takardar haihuwa da ta makaranta, ka jera su. Idan kuma jariri ne a goye, a yi masa rajistar haihuwa tun yanzu, kada ku bar shi da shaidar ambaliya da yankan gero kamar yadda muka yi.

Talatar da ta wuce na hango akori-kurar tana shigowa kasuwa da buhunan albasa. Ya sa sigina kafin ya karya kwana, abin da mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yi ba.