Wanka Ko Figar Kaza?

Hunturun bara faso ya tsaga mini dunduniya har da jini, na yi mako guda ina ɗingishi. Abin haushin, kullum ina shafa mai. Ranar da Inna ta ga tururi na tashi daga bokitina sai ta ce, "Kai ɗan nan, wanka za ka yi ko figar kaza?"

Ashe nan matsalar take. Ruwa mai zafi sosai yana wanke maiƙon da fata ke tsare danshinta da shi, iskar hunturu kuma ta kwashe sauran. Alamarsa ita ce ƙaiƙayi da furu-furu da zarar ka fito.

Na koma surka ruwan har sai gwiwar hannuna ta ji ɗumi kawai. Na ajiye loshan mai ruwa-ruwa, na kama man kaɗanya da basilin. Su danshi suke kullewa, don haka nake shafawa tun jiki bai gama bushewa ba. Da dare in cika fason da basilin, in sa safa.

Cikin mako biyu ya rufe. Amma faso mai kumburi ko ruwa, musamman ga mai ciwon suga, na asibiti ne.