Kafin ka saka OTP, tsaya ka duba

1/ Jama'a, ni in zan biya kuɗi da kati a intanet, ba na gaggawar saka OTP.

2/ Lambar kati, ranar ƙarewarsa da CVV duk a jikinsa suke. Wanda ya ɗauki hotonsa ya same su. OTP kuwa banki ke turowa layinka, sau ɗaya take aiki, cikin 'yan mintuna ta mutu.

3/ Sai na duba adadin da aka nuna tukuna. Takalmin ₦15,000 na zaɓa, na ga ₦150,000? Na fasa.

4/ Wanda ya kira yana neman ta, ko ya ce daga banki yake, ita kaɗai ta rage masa. Katse kiran, ka toshe katin.