Yadda Iyayenmu Suke Lissafin Makarantar Kwana

A shekarun 1970, uban da ɗansa ya samu shiga makarantar kwana ta gwamnati, irin su Barewa a Zariya ko Rumfa a Kano, ba shi da wani dogon lissafi. Abinci, littattafai, yunifom, har sabulun wanka da na wanki, yawanci gwamnati ke bayarwa, a makarantu da dama har da kuɗin motar tafiya hutu. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, aka zo aka shiga tsuke bakin aljihu na 1986, sai kayan nan suka riƙa komawa kan iyaye ɗaya bayan ɗaya. A nan ne magidanta suka koyi lissafin shekara.

Masu dabara kashi uku suke yi masa. Na farko abin da ake saye sau ɗaya a shekara: yunifom biyu, kayan zaman ɗaki, farin kaftani na Juma'a, da takalmi. Akwatin ƙarfe da bokiti kuwa sukan kai yaro har ya gama, in ba a sace ba. Na biyu abin da ke dawowa kowane zango, sai a ninka shi uku: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, sabulu da kuɗin kashewa. Na uku mota, wadda ake ninkawa shida, domin kowane zango akwai zuwa akwai dawowa.

Mu ƙaddara ɗinki da takalmi sun ci naira 35. Guzurin zango naira 12, a shekara 36 ke nan. Kuɗin kashewa naira 5, sun zama 15. Mota naira 3, sau shida 18. Jimla naira 104, ban da kuɗin makaranta.

Inda lissafin ke rushewa shi ne ranar ziyara. Uwa za ta soya kaza, ta yi dambu, a biya mata mota ita da ƙannen yaron, sannan a damƙa masa wani abu a hannu. In ziyara ɗaya a kowane zango ta ci naira 10, an ƙara 30, kusan kuɗin ɗinkin shekara. Ga kuma wasiƙar tsakiyar zango: "Baba, an sace min bokiti, gari ya ƙare." Shi ya sa wasu ke damƙa kuɗin kashewar ga malamin ɗakin kwana ya riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, tela kuma a ce masa ya saki ɗinki, don yaro mai tasowa ba ya shekara da tsawo ɗaya.

Kuɗi sun canja, musamman na mota tun bayan cire tallafin mai a 2023, amma tsarin yana nan. Mai shirin kai ɗa makarantar kwana, kada ya tsaya kan takardar da makaranta ta ba shi. Ya ninka guzuri uku, mota shida, ya sa ziyara, sannan ya ware na ko-ta-kwana.