Kwafi Uku da Doka Ke Bin Marubucin Kano

Na tashi a cikin birni ina karanta littattafan haya, irin waɗanda ake saro wa a Kasuwar Kurmi. Da aikin jarida ya sa na koma neman wasunsu don in tabbatar da shekarar da suka fito, sai na tarar yawancinsu sun yi ɓatan dabo. Kaɗan ɗin da na samu a hannun tsofaffin 'yan kasuwa kuwa, wasu ba shekara a jikinsu, wasu ba sunan mawallafi. Duk mai son rubuta tarihin adabin kasuwar Kano sai ya ci karo da wannan giɓi, alhali akwai dokar da aka yi musamman don hana shi aukuwa.

Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk wanda ya wallafa littafi a Najeriya ya kai wa laburaren kwafi uku da kuɗin aljihunsa, cikin wata ɗaya da fitowar littafin. Gwamnatin jiha kwafi goma take bayarwa, ta tarayya ashirin da biyar. Kalmar da za a lura da ita ita ce “mawallafi”. Idan kamfani irin NNPC na Zariya ne ya fitar da littafinka, nauyin yana wuyansa. To amma marubucin Kano, tun daga shekarun 1980, shi ke rubutawa, shi ke biyan maɗaba'a, shi ke kai wa dillali. Wanda ya yi haka shi ne mawallafi a idon doka. Mai maɗaba'a aikin kuɗi ya yi masa kawai, kamar yadda tela ba ya zama mai riga don ya ɗinka ta.

Mu ɗauki misalin marubuciyar da ta raba labarinta gida uku, na ɗaya da na biyu da na uku, kamar yadda aka saba. Kafin a je maɗaba'a za ta nemi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa, domin shi ke bayar da ita a Najeriya. Lambar tana da alƙaluma 13 tun daga 2007, kuma ta Najeriya takan fara da 978-978. Kowane kashi da ake sayarwa shi kaɗai yana buƙatar tasa lambar, saboda haka uku za ta karɓa. Bayan bugu za ta kai kwafi uku na kowanne, tara ke nan. In ta sake bugawa ba tare da taɓa komai ba, tsohuwar lambar ta isa. In ta gyara labarin sosai, ko ta haɗe ukun a bango ɗaya, ya zama sabon littafi mai sabuwar lamba da sabon nauyin ajiya.

A bayan shafin take ake sa bayanan katalogi, waɗanda ake wa laƙabi da CIP. Ma'aikacin laburare ne ke shirya su kafin bugu, da sunan marubuci, da take, da fannin da littafin ya shiga, da lambar da za ta nuna gurbinsa a kanta. A nan littafin Hausa ya fi yin tuntuɓe. Marubuciyar da ta sa sunanta na yanka a wani littafi, ta sa laƙabi a wani, katalogi zai raba ta mutum biyu. Take mai ƙ ko ɗ ko ɓ, in aka shigar da shi ba lanƙwasa, mai nema yana iya wuce shi, domin “ƙasa” daban, “kasa” daban. Hanyar gane lambar aro kuma mai sauƙi ce: ka jera littattafai biyu masu take daban da suka fito daga maɗaba'a ɗaya. In lambarsu ɗaya ce, an kwafo ta ne don ado, kuma aƙalla ɗayansu ba shi da rajista.

Ajiyar nan tana da iyaka. Ba ita ke ba ka haƙƙin mallaka ba, wannan yana tabbata ne tun da ka rubuta aikin. Kuma ba tacewa ba ce irin ta hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar Kano, domin laburare ba ya yanke hukunci a kan abin da ke ciki. Abin da take yi shi ne ta shigar da littafinka cikin kundin wallafe-wallafen ƙasa, ta bar shaida mai kwanan wata a hannun wanda ba ruwansa da cinikinka.

Yau ɗaya daga cikin manyan tarin waɗannan littattafai yana makarantar SOAS da ke Landan, inda Graham Furniss da abokan aikinsa suka tattara su. Sun yi aikin kirki, amma kunya ce a ce ɗalibin Jami'ar Bayero sai ya nemi biza kafin ya ga abin da aka buga a garinsu. Laburaren Ƙasa yana da reshe a nan Kano, kuma kwafi tara ba su kai nauyin da za a kira ɗan dako ba.